Tibin da na saya ya mai da duk fim kamar bidiyon aure, wa ya san maganinsa?

yaron_nima:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin kayan wuta ku zo ku cece ni. Satin da ya wuce na saya tibi inci 55, sabo fil a kwali, na ɗauko shi daga Sakul har gida Nima ina ta murna. Kala ta yi, haske ya yi, ba ni da magana a kansu. Amma duk fim ɗin da na sa sai in ga kamar ba fim ba, kamar wani ya shiga wurin ɗaukar da wayarsa ya ɗauko mana. Mutane suna tafiya sumul kamar an shafa musu mai, kayan yaƙin da suka sa ma sai ka gane na roba ne. Fim ɗin da na kalla fiye da sau biyar a tsohon tibinmu ƙarami, jiya na sa shi matata ta ce wannan bidiyon auren wa ne. Na koma shagon, yaron ya ce ai haka 4K yake in saba. Gaskiya ne haka yake ko an sayar mini da mai matsala?

abu_maamobi:
Wa alaikumus salam. Hoton yana tsayawa yana yin ɗaki ɗaki? In haka ne kwanon ka ne ya juya, iskar da aka yi ran Talata ta juya na mutane da yawa a layinmu. Nemi mai hawa sama ya daidaita maka.

yaron_nima:
A'a yayana ba kwano ba ne, hoton ba ya yankewa ko kaɗan. Ko a filas na sa fim haka yake yi. Matsalar ma ya cika kyau ne in ka gane nufina

abu_maamobi:
Ya cika kyau kuma kana kuka? To kawo mini shi in ba ka nawa 😂

mai_gyara_alabar:
Ƙanena kwantar da hankalinka, tibinka lafiyarsa ƙalau, kuma ba 4K ba ne ya jawo. 4K maganar yawan ɗigon hoto ce, abin da kake gani kuwa maganar motsi ce, hanyarsu daban.

Ga abin da ke faruwa. Fim na silima ana ɗaukarsa hoto 24 a sakan ɗaya, tun zamanin da aka fara sa wa fim sauti haka ake yi, idonmu ya saba da shi ko ba mu san lissafin ba. Shi kuma gilashin tibinka yana sabunta hoto sau 60 a sakan, masu tsada sau 120. To masu ƙera tibi sai suka sa masa wata dabara, ya dubi hoton farko ya dubi na biyu, ya yi hasashen inda hannun mutum ko mota za ta kasance a tsakani, ya zana hoton da kansa ya cusa. A tibi mai 120 in an buɗe abin har ƙarshe, cikin kowane hoto biyar da kake gani ɗaya ne kamara ta ɗauka, huɗu tibin ne ya ƙirƙiro. Shi ya sa madam ta ce bidiyon aure, kuma wallahi ta fi yaron shagon gane abin, don kamarar masu ɗaukar aure da suna da diramomin talabijin 50 ko 60 take ɗauka a sakan. Turawa ma sunan irin waɗannan diramomin suka laƙa wa abin.

Kashe shi ake yi a setin, sai dai kowane kamfani da sunan da ya ba shi. A LG TruMotion ne. A Sony Motionflow. A Samsung na da Auto Motion Plus, na yanzu Picture Clarity Settings. Panasonic Intelligent Frame Creation. Wasu ƙananan kamfanoni MEMC kawai suke rubutawa. Shiga Picture ka duba wanne ka gani ka faɗa mini.

yaron_nima:
Allah ya saka da alheri maigida. Na duba, nawa yana cikin waɗanda ka lissafa. Na bi Settings, Picture, Expert Settings, sai ga Picture Clarity Settings an sa shi a Auto. Na mai da shi Off. Kai! Nan take fim ya dawo fim. Shekara nawa zan yi ban gano wannan ba

hajia_fadama:
Ikon Allah. Ni na ɗauka idona ne, har na ce wa yara tabarau ɗina ya tsufa. Namu ya shekara biyu a falo, in na daɗe ina kallo sai in ji kaina yana juyawa kamar ina bayan tirotiro. Ɗana yana dawowa makaranta zan ba shi rimot ya nemo.

sadiq_asawase:
Ni fa ban yarda da ku ba. Ku bar abin nan a kunne, kuɗinsa kuka biya. Na kashe nawa sau ɗaya na gani, in kamara ta juya daga hagu zuwa dama sai hoton ya riƙa tsalle tsalle kamar tsohon sidi mai karce, minti goma ban yi ba na mayar. Wannan 24 ɗin talaucin zamanin da ne, fim ɗin ɗauka yana da tsada shi ya sa suka tsaya a nan, yanzu an ci gaba ku kuma kuna so ku koma baya

mai_gyara_alabar:
Sadiq rabin maganarka gaskiya ce. Eh tsadar fim ɗin ɗauka tana cikin dalilin da aka tsaya a 24. Amma an gwada wucewa ai. A 2012 an fitar da The Hobbit a hoto 48 a wasu gidajen silima, kuma wannan 48 na gaske ne da kamara ta ɗauka, ba na ƙirƙira ba, duk da haka masu kallo da yawa suka yi irin kukan da ƙanenmu ya yi yau, wai kayan wasan sun fito fili. Har yanzu kusan duk fim a 24 ake yi alhali da dijital ake ɗauka, tsadar nan ta kau.

Kuma akwai abin da tibi ba zai iya gyarawa ba. Kowane hoto na fim ana buɗe masa kamara kamar kashi ɗaya cikin 48 na sakan, don haka duk abin da ke motsi yana da ɗan dishi dishi a jikinsa, an auna shi daidai da 24. In tibi ya ninka hotunan dishin yana nan amma motsin ya zama na 60, su biyun ba su dace ba, shi ne idonka ke ce maka wani abu ba daidai ba ko ba ka iya faɗin menene.

sadiq_asawase:
To tsallen da na gani fa? Ƙarya idona ya yi?

mai_gyara_alabar:
Bai yi ƙarya ba, zan dawo kansa, ina da mai jiran rediyonsa a gabana

yaron_nima:
Jama'a abin ya dawo 😭 Da rana na kashe shi ina kan filas. Yanzu bayan isha'i na buɗe Netflix a cikin tibin, bidiyon aure ya dawo sak. Na shiga setin na ga Auto kuma. Tibin yana mayar da kansa ne ko yara suka taɓa?

zee_madina:
Ba yara ba ne lol. Nima haka ya wahalar da ni. Tibin yana riƙe setin kowace ƙofa daban, filas daban, HDMI 1 daban, HDMI 2 daban, manhajojin ciki daban. Ka kashe a ƙofa ɗaya ne kawai. A wurin Expert Settings ɗin nan duba akwai Apply Picture Settings, in yana Current Source mai da shi All Sources. Masu LG nasu Apply to All Inputs ne. Amma ko ka yi haka kar ka yarda da shi, bi su ɗaya bayan ɗaya ka kunna abu a kowace ƙofa ka leƙa da idonka

yaron_nima:
Na yi yadda kika ce 'yar uwa. Dikoda ta gyaru, filas lafiya. A Netflix fim ɗaya ya yi daidai, na canza zuwa wani sabo sai ga shi ya dawo. Ni kam na fara tunanin aljani ne a ciki

mai_gyara_alabar:
Hahaha ba aljani. Zee ta ba ka rabin hanya, ga sauran. Ban da ƙofa, kowane Picture Mode ma da nasa setin, abin da ka gyara a Standard bai shafi Movie ba, bai shafi Dynamic ba. Sannan fim mai HDR, wato irin wanda aka yi da ƙarin haske da zurfin kala, in ya fara tibin yana shiga wani kundin setin na daban, shi ma sai ka gyara masa nasa. Sabon fim ɗin da ka sa ina kyautata zaton mai HDR ne. Kuma ba za ka iya gyara na HDR ba sai lokacin da fim mai HDR yake kan tafiya. Don haka sa wannan fim ɗin, bar shi yana yi, danna setin a kansa, ka kashe a nan. Sau ɗaya ne, zai riƙe.

In kana son gajeriyar hanya duba cikin Picture Mode ko akwai FILMMAKER MODE. Ƙungiyar UHD Alliance ce ta fito da shi a 2019 tare da masu shirya finafinai, tibin da aka yi daga 2020 da yawa suna da shi. Kana zaɓarsa yana kashe cusa hoton nan da ƙarin kaifin da tibi ke yi, ya bar kala yadda aka yi ta. Shi ma ka zaɓe shi sau biyu, a fim na kullum da a mai HDR.

yaron_nima:
Akwai shi! Na sa. Motsin ya yi daidai amma hoton ya yi duhu kuma fari ya koma kamar ruwan koko, madam ta ce in mayar mata da tibinta

zee_madina:
😂😂 ruwan koko. Ba shi kwana uku. Idonka ne ya saba da fari mai shuɗi shuɗi na Standard, in ka saba da wannan ka koma wancan sai ka ga fuskar kowa kamar yana jin sanyi. Duhun kuma ƙara Brightness kawai, ba ya dawo da santsin. An yi setin ne don ɗaki mai duhu, mu kuwa falonmu taga a buɗe ƙwan wuta a kunne

baba_tafo:
Ku yara kuna ta lissafin 60 da 120, kun manta wutar Ghana 50 ce. Ni na yi aikin waya shekaru, wutarmu 50Hz take. Tibin da aka yi wa ƙasar masu 60 in ka kawo shi nan dole hoto ya rikice. Ina ganin asalin matsalar kenan, ba wani setin ba.

mai_gyara_alabar:
Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Wutarmu 50 ce babu musu, kuma daga nan ne tashoshinmu suka gaji aika hoto a 50 tun zamanin tibi mai ƙusumbi. Sai dai na yanzu ba ya bin bugun wutar bango, yana juya wutar a cikinsa ne, saurin hoton kuma daga abin da aka turo masa yake ɗauka. In dikoda ta turo 50 ya bi 50, in manhaja ta ba shi 60 ya bi 60. Ko a janareta ka sa shi santsin nan yana nan sai an kashe.

Amma Baba ka taɓo wani abu da zai amsa wa Sadiq. Tsallen da ya gani iri biyu ne, mutane suna haɗa su.

Na farko na lissafi ne. 24 ba ta shiga 60 daidai, biyu da rabi take bayarwa, kuma ba a nuna rabin hoto. Sai tibin ya riƙe hoto ɗaya sau 3, na bayansa sau 2, na gaba 3, na gaba 2, goma sha biyu sau uku da goma sha biyu sau biyu, 60 ta cika. To tunda wani hoton ya fi wani daɗewa a gilashi, in kamara tana juyawa a hankali sai ka ga tafiyar tana ɗingishi. A 120 babu wannan, kowane hoto sau 5 cif. A fim ɗin da tasha ta turo ta dikoda ma yawanci babu, don ƙasashen 50 suna ɗan ƙara wa fim gudu ya zama 25 a sakan, kowane hoto sau 2. Shi ya sa fim na awa biyu a tasha yake ƙarewa da wuri da kusan minti biyar ko ba a yanke komai ba.

Wannan na farkon yana da magani ba tare da an cusa hoton ƙarya ba. A LG Real Cinema ne, sababbi Cinema Screen, ka bar shi a kunne ka kashe TruMotion. In da akwati ko sanda kake kallo duba ko tana iya turo 24 ɗin kai tsaye, a Fire TV sunansa Match Original Frame Rate, a Apple TV Match Frame Rate.

Na biyu kuwa na 24 ɗin kanta ne, hotunan ba su da yawa, in abu mai haske ya ratsa babban gilashi za ka ga taku taku. Ko a silima yana nan. Kuma ya fi fitowa a tibi mai girma da haske sosai, musamman OLED. Wannan ba ya tafiya sai da ɗan cusawa.

sadiq_asawase:
Ato! Ashe dai kun dawo wurina

mai_gyara_alabar:
Mun dawo rabin hanya dai. Ɗan gishiri a miya daban, juye gwangwanin daban. Kai a Auto ka bar naka.

baba_tafo:
To na ji. Amma ni dai tibina na da ban taɓa shiga wani setin ba shekara goma sha, kunna ka kalla. Allah ya kyauta.

yaron_nima:
Maigida gaskiyar Sadiq, yanzu da na kashe gaba ɗaya na lura da takun. Akwai wurin da kamara ta bi dogon gini daga ƙasa zuwa sama, tagogin suna rawa. Bai kai bidiyon aure ɓacin rai ba amma na gani. Yaya zan sa ɗan gishirin?

mai_gyara_alabar:
Koma Picture Clarity Settings, maimakon Off zaɓi Custom. Gaya mini me da me ya fito.

yaron_nima:
Judder Reduction daga 0 zuwa 10, da LED Clear Motion, da Noise Reduction. Shi kenan

mai_gyara_alabar:
Babu Blur Reduction ko? To gilashinka mai 60 ne, masu 120 ne suke da wancan na biyun. Kar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka, sau da yawa lambar talla ce ba ainihin saurin gilashin ba.

Sa Judder Reduction a 2, ka mayar da fim baya zuwa wurin ginin nan ka kalla. In takun ya ragu ka tsaya. In bai ragu ba je 3. Daga 4 zuwa sama ni dai a idona auren ya fara dawowa. Yadda za ka gane ka wuce gona da iri, nemi wurin da mutum ke tafiya a gaban shinge ko ganyen bishiya ko taron jama'a, ka zuba ido a gefen kansa da kafaɗarsa. In ka ga wani abu kamar tururin kwalta da rana yana bin sa, tibin ne ya rasa abin da zai zana a bayansa yana ta kame kame. Rubutun fassara na ƙasa ma wani lokaci gefensa yana yagewa in abu ya wuce ta bayansa da gudu.

LED Clear Motion bar shi a kashe. Shi ba ya cusa hoto, fitilar baya yake ƙyaftawa don motsi ya fito da kaifi, amma yana rage haske sosai, kai da madam ke kukan duhu, kuma wasu yana sa musu ciwon kai.

abu_maamobi:
Duk wannan na masu fim ne. Ƙwallo fa? A bes ɗinmu in aka kashe abin nan ranar wasan Kotoko da Hearts ai sai an kore ni daga unguwa

zee_madina:
Ƙwallo ai ba 24 ba ce, tasha tana turo ta a 50 tun asali, santsinta na gaske ne. Ko ka kashe ba za ta koma kamar fim ba

abu_maamobi:
Ƙanwata na gwada fa, akwai bambanci. In gola ya buga doguwa ƙwallon ta fi fitowa in yana kunne

mai_gyara_alabar:
Ku duka biyu kuna iya yin gaskiya, ya danganta da tibin. In na bes ɗinku mai 100 ko 120 ne yana ninka 50 ta zama 100, kuma a ƙwallo wannan yana taimakawa, babu wanda ya ce a kashe. A mai 60 irin na ƙanenmu babu wurin da za a cusa ƙarin hoto a wasan da ya zo a 50, bambancin kaɗan ne. Sai dai ka lura Abu, in an cika shi ƙwallon da ke gudu takan rabu biyu ko ta ɓace na ƙiftawar ido in ta ratsa gaban 'yan kallo. Mafi sauƙi ka ware, Standard da santsinsa don ƙwallo, Movie ko FILMMAKER MODE don fim, danna biyu ne a rimot.

hajia_fadama:
Ɗana ya gyara namu jiya, da safe muka kunna ya koma yadda yake, har wani talla yana fitowa a gefe yana nuna abubuwan da tibin ke iyawa. Na ce ko ɗauke wutar da aka yi da dare ne ya goge?

mai_gyara_alabar:
Hajiya barka da yini. Ɗauke wuta ba ya goge setin. Tallan nan da kika ambata shi ne shaida, naku yana kan yanayin shago ne, irin wanda ake sa wa na nuni, shi kuwa da gangan yake mayar da komai bayan ɗan lokaci don masu taɓe taɓe. Ɗanki ya nemi inda aka rubuta Retail Mode ko Store Mode, yawanci a ƙarƙashin General ko System, ya mai da shi Home Mode, sannan ya sake kashe santsin.

hajia_fadama:
Ai kuwa wanda ke kan tebur a shagon suka ba mu da ragi. Shekara biyu muna kallon tallan nan mun ɗauka haka ya zo. Allah ya yi maka albarka ɗana.

sadiq_asawase:
Ni dai har yanzu nawa na Auto kuma ina jin daɗinsa, diramar Indiya da Mma ke kallo kullum ma ban ga ta canza ba ko an kashe ko an kunna

zee_madina:
Don ita dama haka aka ɗauke ta 😂

yaron_nima:
Na tsaya a 2, tagogin sun daina rawa sosai kuma ban ga tururin ba. Brightness na ƙara shi. Yanzu rigimar da ta rage madam ta ce Standard take so da rana, ni kuma da dare in mayar, jiya na manta ban mayar ba sai da fim ya yi rabi na ga sojoji suna sulɓi. Maigida akwai yadda za a sa ya riƙa canzawa da kansa in fim ya fara?

mai_gyara_alabar:
Wasu tibin suna da shi, LG na da FILMMAKER MODE Auto Start, amma sai abin da kake kallo ya turo alamar cewa fim ne, kuma ba kowace manhaja ke turowa ba, filas da dikoda kam kar ka sa rai. Ka kashe santsin a Standard ɗin madam ma, ka bar mata kalarta da haskenta, ina jin ba santsin take so ba farin take so. Gwada ka gani ko za ta lura.

yaron_nima:
Zan gwada yau in ta tafi kasuwa. Abu in ka zo kallon wasa ran Lahadi kar ka tona ni